Darasi: Jinin al'ada da fashin makaranta, yadda uwa za ta ƙirga da kanta

Sau da yawa muna jin ana cewa 'yan mata suna fashin makaranta saboda jinin al'ada, kuma in aka raba musu audugar mata matsalar ta ƙare. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. A wannan darasi za mu duba abin da masu bincike suka gano da suka zauna suka ƙirga, sannan mu koyi yadda uwa za ta yi irin wannan ƙirga a ɗakinta da kalanda da fensir.

Tambaya daban, ƙirga daban

A ƙasar Bangaladash an shiga makarantu 700 aka tambayi 'yan matan da suka fara al'ada. Kashi 41 cikin 100 suka ce suna fashi a lokacin jini, kusan kwana uku kowane wata. A ƙasar Nepal kuwa, wasu mata biyu masu bincike, Emily Oster da Rebecca Thornton, ba su tsaya a tambaya ba. Sun bi 'yan mata 198, kowacce tana rubuta ranakun da take jini, su kuma suna haɗa wannan da ranakun da ta zo aji. Sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna cewa a shekarar karatu mai kwana 180, abin da al'ada ta ci wa yarinya bai kai rabin yini ba.

Me ya kawo wannan tazara? Ƙasashen ba ɗaya ba ne, makarantun ma haka. Amma hanyar awon ma ta bambanta. In aka tambayi mutum abin da ya wuce, ranar da ya fi shan wuya ita ke faɗo masa a rai. Rajistar makaranta ita ma tana da nata makanta: da safe ake kiran suna, yarinya ta amsa, jini ya ɓata mata siket da hantsi, ta ɗaura hijabi a ƙugu ta sulale gida. A littafin malam ta zo, alhali darasi huɗu ya wuce ta.

Audugar mata kaɗai ta isa?

A Gana an gwada da 'yan mata 120 a ƙauyuka huɗu, aka fitar da sakamako a 2012. Waɗanda aka ba auduga tare da darasin balaga zuwansu ya ƙaru. Abin lura shi ne, waɗanda aka yi wa darasin kawai, ba auduga, su ma bayan wata biyar zuwansu ya ƙaru kusan daidai da na farkon. Sai dai gwajin ƙarami ne, kuma ba da ƙuri'a aka raba ƙauyukan ba, don haka ba a ɗora masa kaya mai nauyi.

Babban gwaji shi ne na yankin Kilifi a Kenya. Makarantu 140 aka raba da ƙuri'a, 'yan mata sun haura 3,000. Wasu aka ba su auduga, wasu darasin lafiyar jiki, wasu duka biyun, wasu aka bar su yadda suke. Da sakamako ya fito a 2021, ba a ga audugar ta ƙara yawan zuwa makaranta ba.

Kada wata ta ji wannan ta ce ashe sayen auduga asarar kuɗi ne. Ni a ganina yarinya ta cancanci ta zauna a aji cikin tsabta da kwanciyar hankali ko rajista ta nuna bambanci ko ba ta nuna ba. Abin da gwajin ya koya mana shi ne, fashi yana da ƙofofi da yawa, auduga kuwa ɗaya take toshewa. Ba ta maganin ciwon mara. Ba ta buɗe bandakin da aka garƙame da kwaɗo, ba ta zuba ruwa a buta, ba ta rufe bakin yaran da ke tsokana. A binciken Bangaladash ma, fashi ya fi sauƙi a makarantun da bandakin 'yan mata yake a buɗe.

Yadda za ki ƙirga

Ki samo kalanda, ki ajiye ta inda ke da 'yarki kaɗai kuke gani. Ki faɗa mata dalili tun farko, don in ta ɗauka tarko ne na kama ta da laifi, ba za ta faɗi gaskiya ba. Duk ranar da take jini ta ɗiga ɗigo. Ranar da ba ta je makaranta ba ta ja layi. Ranar da ta je ta dawo kafin a tashi ta ja rabin layi. Ku yi haka wata uku, domin wata ɗaya yana iya ruɗin mutum: wani lokaci jinin yakan faɗo a Asabar da Lahadi ko a hutu.

Mu ɗauki misali. A ce cikin wata ukun an yi karatu kwana 60. Yarinyar tana jini kwana biyar kowane wata, jimla 15, amma huɗu sun faɗo a ƙarshen mako, saura 11. Cikin 11 ɗin nan ta yi fashin 3. Cikin sauran kwana 49 ta yi fashin 5.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce al'ada ta ci kwana uku. A'a. Dubi kwanakin da ba ta jini: 5 cikin 49, wato kusan ɗaya cikin goma. Ke nan ko babu jini, da ma za ta rasa kusan kwana ɗaya cikin 11 ɗin. Rabon al'ada kwana biyu ne. Sauran biyar ɗin fa? Wataƙila ranar kasuwa ce aka ɗora mata talla, ko zazzaɓi, ko aka koro ta kan kuɗin makaranta. Wannan kason ya fi na al'ada girma, kuma wani ɓangarensa a hannunmu iyaye yake.

Yanzu ki duba inda layukan suka faɗo. In duk a ranar farko ta jini suke, ta kwana tana murƙususu, to ciwon mara ne. A nan gorar ruwan ɗumi a mara tana taimakawa, haka maganin ibufurofen in an sha shi da zarar ciwon ya fara, bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki kada ta sha, kuma a tambayi ma'aikaciyar lafiya yawan da ya dace da yarinyar. In kuwa rabin layi ne ya yi yawa a rana ta biyu, lokacin da jini ya fi zuba, matsalar wurin canzawa ce ko ƙunzugun da ba ya riƙe jini. Sai ki sa mata na canji a jaka, ki kuma je makarantar da ƙafarki ki ga bandakin: yana da ƙofa mai sakata? Akwai ruwa? Wa ke riƙe makulli? Ki kai maganar gaban shugabar makaranta ko taron iyaye da malamai.

Akwai alamun da ba a jira wata uku a kansu. In jini ya wuce kwana bakwai, ko tana jiƙa auduga kowace awa ɗaya zuwa biyu, ko tana jiri, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, a kai ta asibiti a auna jininta. Ƙarancin jini yana sa gajiya da rashin natsuwa a aji har a kwanakin da ba ta al'ada.

Abu ɗaya kalanda ba za ta nuna miki ba: yarinyar da ta zauna a aji tun safe har aka tashi, amma ta ƙi miƙewa ta amsa tambaya don tsoron tabo a bayan siket. Wannan sai ki buɗe littafinta ki gwada rubutun kwanakin ɗigo da na sauran kwanaki, ki kuma tambaye ta a hankali, ku biyu kaɗai.

Aikin gida

Wata yarinya ta yi fashin kwana 2 cikin kwana 10 na jini, da kwana 10 cikin kwana 50 da ba ta jini. Kwana nawa ne rabon al'ada? Rubuta amsarki da dalilinki, ki zo da ita darasi mai zuwa.