Giɓin shekaru a takardar neman aiki a Jamus: yadda ake rubuta shi

Kusan duk sabon zuwan da ya kawo mini sibinsa in duba, matsala ɗaya nake gani. Yana da sana'a a hannu, ya yi aiki a gida shekara da shekaru, amma in ka bi kwanakin da ke takardar sai ka tarar shekara biyu ko uku sun ɓace, babu ko kalma a kansu. In na tambaya sai a ce mini, "Ai Yaya, lokacin ba na yin komai." Wannan amsar ba ta karɓuwa a nan, kuma yawanci ma ba gaskiya ba ce.

Tsarin takardar ba shi da wuya. A sama ka rubuta Lebenslauf, wato sibi da Jamusanci, ka jera bayani kamar jadawali, kwanan wata a hagu, aiki a dama, ka fara da na baya-bayan nan. Shafi ɗaya ko biyu sun isa. Cire jihar asali, ƙaramar hukuma da addini, ba a neman su. Hoto ba dole ba ne, amma yawancin mutane na sawa. A ƙasa ka rubuta gari da kwanan wata, ka sa hannu.

Inda ake kamuwa shi ne wurin kwanaki. Bajamushe mai ɗaukar aiki da wata yake lissafi, shi ya sa ake rubuta 03/2015 – 05/2021. Yakan bi layi-layi ya ga ko inda wannan ya ƙare nan na gaba ya tashi. Wata ɗaya ko biyu tsakanin aiki da aiki ba ya damun kowa. Abin da ya wuce haka giɓi ne, kuma in ba ka ce komai a kansa ba, shi zai cike shi da zatonsa. Wasu 'yan uwa kan yi dabarar rubuta shekara tsura ba wata, wai don giɓin ya ɓuya. Masu karanta takardun nan kullum sun san wannan dabara, ganinta ma shi ke sa su ƙara sa ido.

Akwai wani ƙanenmu mai aikin wayarin da ya biyo matarsa nan. Takardarsa ta farko ta tsaya a 2021, daga nan shiru. Na zaunar da shi a ɗakin girkina, na ba shi biro da farar takarda, na ce ya rubuta watannin ɗaya bayan ɗaya a gefe, ya faɗa mini inda yake kwana da abin da yake tashi ya yi a kowanne. Sai ga shi mahaifinsa ya kwanta ciwo, shi ya rufe shago ya yi jinyarsa. Bayan rasuwa ya shiga ajin Jamusanci don jarrabawar matakin farko, A1, da ake nema a bizar aure, ya jira biza, ya iso, ya jira gurbi a ajin harshe. Da muka gama, ga abin da ya fito:

```
seit 11/2023       Arbeitssuchend, Ehrenamt bei der Tafel
01/2023 – 10/2023  Integrationskurs, Abschluss DTZ (B1)
10/2022 – 12/2022  Wartezeit auf den Kursplatz
03/2022 – 09/2022  Deutschkurs A1, Visumverfahren, Umzug
06/2021 – 02/2022  Pflege eines Angehörigen
03/2015 – 05/2021  Selbstständiger Elektriker, Kaduna
```

Ba mu ƙara komai a kan gaskiya ba, amma babu watan da ya rage babu suna. Layin jinya yana nufin kula da ɗan uwa marar lafiya, abu ne da Jamusawa da kansu ke rubutawa, kuma suna girmama shi. Ba sai ka faɗi wane ciwo ba, ko wanene. Shi ya so ya zuba labarin asibiti har sakin layi guda, na hana shi. Layi ɗaya ya wadatar, in suna son ƙari za su tambaya a ganawa.

Ka lura da kalmar layin farko. Kada ka rubuta arbeitslos, wato marar aiki. Rubuta arbeitssuchend, mai neman aiki, ka haɗa da abin da kake yi a lokacin. Ƙanen namu yana zuwa Tafel taya rabon abinci ga mabuƙata ranar Asabar, bai ma ɗauka wannan abin rubutawa ba ne. A ƙasar nan aikin sa-kai yana da daraja, yana nuna kana fita, kana jin yaren, ana iya dogara da kai. Ka roƙi wurin su ba ka takardar shaida.

Layin ƙarshe kuma shi ya fi ba ni haushi idan na ga an bar shi. Mutanenmu da yawa sun riƙe shago, sun yi ɗinki, kanikanci ko fatauci, amma da yake babu kamfani babu takardar albashi sai su ƙi rubutawa, su mayar da shekarun guminsu giɓi da hannunsu. Selbstständig na nufin mai zaman kansa. Ka sa shi, a ƙarƙashinsa ka faɗi ainihin aikin: wayarin gidaje, haɗa sola, koyar da yara biyu sana'a. Ka nemi abin da zai tsaya maka, ko rajistar shago, ko katin ƙungiyar sana'a, ko wasiƙar ubangidan da ya yaye ka, a kai wa tafintan da kotu ta rantsar ya fassara. Muna da hannu, wallahi, rubuta shi ne ba mu iya ba.

'Yar uwar da ta zauna rainon yara ta rubuta Familienphase, ko Elternzeit idan hutun haihuwa ta ɗauka daga wurin aiki. Wanda ya yi zaman jiran neman mafaka ya rubuta Asylverfahren da kwanakinsa, in a lokacin an hana shi aiki ya ƙara ohne Arbeitserlaubnis. Wannan ba abin kunya ba ne, doka ce ta zaunar da kai. Wanda yajin aikin malaman jami'a ya tsawaita wa karatu, kamar na 2022 da ya kai wata takwas, ba shi da giɓi, ɗalibi ne har ranar da ya gama. Shekarar bautar ƙasa ma aiki ce, a sa ta da sunan wurin da aka yi ta.

Abu biyu ne nake roƙon ku da Allah ku bari. Na farko ƙirƙirar aiki, ko jan kwanan wata don ya rufe giɓi. Za ka ji wani a majalisa yana cewa wa zai buga waya Kano ya tambaya? Ba sai an buga ba. Kwanakin shigowarka suna cikin takardun zamanka, kuma a nan ana haɗa sibi da takardun shaida, ana gwada su. Idan ƙarya ta fito, dokar Jamus ta ba mai kamfani damar soke kwantiragin saboda yaudara, ko da ka daɗe kana aikin. Na biyu, aikin bayan fage da ka yi ba rajista. Kada ka rubuta shi, don ka sa hannu ke nan a kan abin da zai iya taɓa takardar zamanka.

Idan aka kira ka ganawa, za a tambaye ka giɓin nan. Ka shirya jimla biyu ko uku da Jamusanci, ka haddace: abin da ya faru, cewa ya wuce, da ranar da za ka iya fara aiki. Kada ka shiga ba da haƙuri. Kafin ka tura kuma, ka kai takardar ofishin ba baƙi shawara na Caritas ko Diakonie su duba maka Jamusancin, kyauta ne. In kana da rajista a ofishin gwamnati na masu neman aiki, Jobcenter ko Agentur für Arbeit, suna iya biyan kuɗin hoto, kwafi da fassara, amma sai ka nema tun kafin ka kashe kuɗin, don rasit ɗin da ka kawo daga baya yawanci ba sa karɓa.