Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rubuta Bayanin Aiki a Kundin Ayyuka

Matasan Katsina da suka koyi zayyana ko tsara manhaja, ko a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman ko da ƙashin kansu, sukan haɗa kundin ayyukansu domin nuna wa mai ɗaukar aiki. A cikin kundin akan keɓe wa kowane aiki bayaninsa, kuma mai dubawa abu uku yake nema a ciki: matsalar da aka tarar, hanyar da aka bi, da sakamakon da aka samu. Yawancin waɗanda nake dubawa suna da waɗannan kanun guda uku a rubuce, amma abin da ke ƙarƙashinsu bai haɗu da juna ba, kuma daga nan ne kusan duk kurakuran suke tasowa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi, kuma alƙaluman da ke cikinsa na misali ne. A ce wata matashiya ta tsara wa wani tela a Ƙofar Ƙaura jadawali a Google Sheets, inda ake shigar da sunan wanda ya kawo ɗinki, awonsa, kafin alƙalamin da ya biya, da ranar da aka yi masa alkawarin karɓa.

Kuskure na farko shi ne rubuta magani a gurbin matsala. Ta buɗe bayaninta da cewa: "Matsalar ita ce shagon ba shi da jadawalin kwamfuta." Rashin jadawali bai taɓa hana tela barci ba. Abin da ke damunsa shi ne a azumin bara ya karɓi ɗinki 120 na Ƙaramar Sallah, guda 30 ba su kammala a ranar alkawari ba, har wasu masu kaya suka kwashe yadinsu cikin fushi. Hanyar gane wannan kuskure mai sauƙi ce: idan sunan abin da ka ƙera ya fito a cikin jimlar da ke bayyana matsala, to ka fara daga ƙarshe. Gyaransa kuwa shi ne jimlar ta faɗi wanda abin ya shafa, abin da yake asara, da yadda ka san haka. A nan sai ta rubuta cewa ta zauna da littafin shagon ta ƙirga shafi bayan shafi, ta kuma tambayi telan da yaransa biyu, sai ta gano cewa ana rubuta ranar karɓa a shafin da aka ɗauki awo, don haka babu wanda ke iya ganin yawan ɗinkin da aka tara wa rana guda.

Kuskure na biyu ya fi yawa, kuma ya fi wuyar gyara, domin mai yin sa yana ganin ya yi ƙoƙari. Shi ne a mayar da sashen hanya jerin sunayen matakai: na yi bincike, na yi zanen farko, na gwada, na kammala, sannan a bi su da hotuna goma sha biyu. Irin wannan jeri zai dace da kowane aiki a duniya, saboda haka bai gaya wa mai dubawa komai game da marubucinsa ba. Abin da ake so a gani shi ne wuraren da hanya ta rabu biyu, da dalilin da ya sa aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya. Matashiyar nan da farko manhajar waya ta so ta gina, har ta zana fuskokinta a Figma, manhajar da masu zayyana ke zane da ita, amma ta fasa saboda babbar waya ɗaya ce a shagon, kuma gyaran manhaja zai dogara da ita kullum, alhali jadawali yaron shago ma zai iya ƙara masa layi. Daga baya kuma ta lura cewa yaran suna tsallake gurbin ranar karɓa idan cunkoso ya yi yawa, sai ta matso da shi kusa da suna, ta sa ya riƙa yin ja idan ɗinkin rana ɗaya ya wuce takwas, adadin da telan ya ce shi ne iyakar abin da suke iya gamawa. Waɗannan shawarwari biyu sun fi hotuna goma sha biyu amfani. Ra'ayina shi ne duk hoton da ba za a iya rubuta masa jimla ɗaya da ke cewa "wannan ya sa na sauya kaza" ba, a cire shi. Zanen da aka watsar kuwa a bar shi a ciki, domin shi ne shaidar cewa an yi tunani.

A wannan sashen ne kuma ake ɓuya a bayan kalmar "mun". Idan aikin na mutum huɗu ne, kamar yadda aikin kammala karatu yakan kasance, a faɗi haka, sannan a fayyace ɓangaren da hannunka ya taɓa, domin a ganawar ɗaukar aiki tambaya biyu ta isa ta tona wanda ya ɗauki aikin abokinsa.

Sai sakamako. Da yawa sukan rufe da cewa "mai shago ya ji daɗi ƙwarai", ko su liƙa hoton aikin da aka gama su tsaya nan. Jin daɗin mai shago ba awo ba ne, balle a garinmu inda kunya kan hana mutum kushe aikin da aka yi masa kyauta. Ƙa'idar ita ce abin da aka auna a matsala shi za a sake aunawa a sakamako. Tunda an fara da ɗinkin da ya makara, da shi za a rufe: bana an karɓi 150, guda 15 suka makara, wato daga kashi 25 cikin ɗari an sauko zuwa kashi 10. A lura cewa azumi aka kwatanta da azumi. Da ta kwatanta shi da watan Safar, lokacin da kasuwar ɗinki ta lafa, da alƙaluman sun yi kyau amma ba su da ma'ana. Haka kuma idan telan ya ƙara keke ɗaya ko ya sayi janareta a tsakanin, wajibi ne ta ambata, ta ce jadawalin yana cikin dalilan sauƙin da aka samu. Wanda kuma bai auna komai kafin ya fara ba, kada ya ƙirƙiro lamba. Ya faɗi abin da ya gani da idonsa, misali cewa bayan wata uku har yanzu yaran shagon suna shigar da kowane ɗinki ba tare da an tuna musu ba.

Akwai wani ganganci da ke biyo hotunan shaida: a ɗauki hoton jadawali da sunayen mutane, lambobin wayarsu da awon jikinsu a fili, a ɗora a Behance, shafin intanet da masu zayyana ke baje ayyukansu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai, don haka a musanya su da na bogi, a kuma nemi izinin mai shago kafin a ambaci sunan shagonsa.

Kafin ka aika kundinka, ka ba wani wanda bai san aikin ba sakin layi na farko da na ƙarshe na bayanin aikin kawai, ka rufe tsakiyar. Idan ya iya gaya maka abin da ke damun telan da kuma ko ya ragu, kan da ƙarshen sun haɗu. Daga nan ka buɗe masa tsakiyar, ka tambaye shi shawarar da aka yanke da dalilinta. Idan ya amsa da sunan Figma ko Google Sheets, sashen hanya ne ke buƙatar a sake rubuta shi.