Yadda ake tantance hoton shirwa mai dishi-dishi kafin a raɗa mata suna

Ka ɗauki shirwa da waya tana shawagi a saman mahauta a watan Janairu, ga hazo ga rana a bayanta, hoton ya fito baƙi wuluk. To ga yadda za ka bi da shi kafin ka ce wai iri kaza ce.

Da farko duba siffar jiki, ita ce dishi-dishi ba ya cika cinyewa. Fukafukai dogaye, jela mai ɗan rabewa a ƙarshe, wannan ya isa ka ce shirwa ce. Amma fa in ta baza jelar rabewar takan kusa ɓacewa, sai ka yi hattara.

Na biyu ka tambayi kanka, wace alama ce ke raba ire-iren da suka yi kama, kuma tana cikin hoton kuwa? Shirwa iri biyu ake iya gani a yankinmu da rani. Akwai tamu ta Afirka wadda in ta girma bakinta duka ruwan ɗorawa ne, akwai kuma baƙuwar da ke zuwa daga Turai, ita bakinta baƙi ne, fatar gindin bakin ce kawai ruwan ɗorawa. Kenan hujjar ta taru a ɗan wurin nan, shi kuwa baki daga nesa ɗigo kaɗan ne a hoto, tsuntsuwar na motsawa ko hannunka ya girgiza kalar gindi da ta tsini sai su cakuɗe. In kuma ka ja zum hoton ne kawai ke ƙara girma, wayar ba ta ƙaro abin da kyamara ba ta kama ba, sai ma ta shafe gefe-gefe ta yi maka ciko.

Ko da bakin ya fito baƙi tar, tsaya tukuna. Ƙaramar shirwar Afirka wadda ba ta gama girma ba ita ma bakinta duhu ne, don haka sai ka san shekarunta, wannan kuwa zanen gashin jiki ke nunawa, irin ɗige-ɗige masu haske a ƙirji da baya, waɗanda su ne farkon abin da ke ɓacewa in hoto ya lalace.

Sai wuri da kwanan wata, ka rubuta su. Da a Yuli ne baƙuwar ba kasafai ake ganinta ba, a Janairu kuwa kowacce na iya yiwuwa, lokaci bai raba gardama ba.

Ka tsaya a inda hujjarka ta tsaya. A iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu don tantance su, rubuta `Milvus` kawai, sunan da ya haɗa su duka biyun, wallahi ya fi ka cusa suna cikakke wani mai bincike ya ɗauka a matsayin tabbas. Gobe in ka koma ka juya wa rana baya, ka ɗauki hoto da yawa a jere ko gajeren bidiyo, in so samu ne ka jira ta sauka kan falwaya ta juyo da gefen kanta.