Yadda Ake Hana Kaji Fige Juna da Saran Juna a Zafin Legas

Kaza ba ta ganin jini ta kawar da kai. Da zarar ɗaya ta samu ɗan rauni a gindin wutsiya ko a dubura, sauran za su taru a kanta, kuma kafin yamma suna iya zaro mata hanji. Sun kuma iya koyi da juna, abin da ɗaya ta fara yau gobe ya zama ɗabi'ar garke. Shi ya sa aikin na ranar da aka fara gani ne.

Mu ɗauki mai kiwo a bayan gida a Agege ko Ikorodu, yana da kaji masu ƙwai 200 'yan mako 20 a ɗakin kwano mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6, ga zafin watan Maris.

Da farko a shiga a tsaya shiru minti goma ana kallo. A ɗaga kaji ɗaya-ɗaya a duba baya, wuya, gindin wutsiya da dubura. Idan gashin a karye yake, fata ta yi ja, fige shi aka yi. A duba ƙasa kuma: ɗakin da kaji suka yi sanƙo amma babu gashi a ƙasa, cinye shi suke yi, kuma sau da yawa wannan na nuna abincin ya gaza. A buɗe ƙarƙashin fiffike a nemi ƙwarƙwata, don ƙaiƙayi na sa kaza ta tsattsage kanta har jini ya fito.

Duk wadda ta ji rauni a fitar da ita nan take, a wanke wurin da ruwan gishiri, a fesa shuɗin maganin rauni da ake samu a shagon magungunan dabbobi. Yana busar da ciwo, yana kuma ɓoye jan jinin. Kada ta koma cikin 'yan'uwanta sai ta warke. Idan an gane mai saran, ita ma a ware ta.

Sai lissafin wuri, inda mafi yawanmu ke kau da ido saboda tsadar fili a Legas. Ɗakin nan murabba'in mita 24 ne, wato kaji fiye da 8 a kowane murabba'i. A gari mai zafi da gumi irin wannan, inda iska ke da nauyi, 5 sun isa. Ke nan ɗakin na kaji 120 ne. Sauran 80 ɗin ko a yi musu wani wuri ko a sayar, domin babu maganin da zai maye gurbin fili. A sa silin ko a shimfiɗa ganyen kwakwa a kan kwanon, a ɗage buhunan da aka rufe raga da su. Kowace kaza ta samu kamar santimita 10 a doguwar mazubar abinci, yadda duk za su ci lokaci guda, ruwa kuma kada ya yanke da rana tsaka.

Haske mai ƙarfi na tunzura su. Awa 16 a rana ya ishi mai ƙwai, da ƙwan lantarki maras ƙarfi. Barin wuta har safe don kawai an kawo ta ba alheri ba ne. Wurin nasa ƙwai ya zama da duhu, akwati ɗaya ga kaji 5. Dalili shi ne lokacin da ƙwai ke fita, jan naman dubura kan leƙo na ɗan lokaci. Idan a fili ta yi, sai a gani a sara. Abin ya fi yawa ga sababbin fara ƙwai da masu ƙiba, kuma da safe yake faruwa, saboda haka a riƙa zagayawa kafin azahar.

Abincin mai ƙwai na buƙatar furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da ɗan gishiri. Wanda ya sayi buhun abinci ya cuɗa shi da dusa ko tsakin masara don ya yi auki ya rage duka biyun, kuma kaza za ta nemi cikon a jikin 'yar'uwarta. A daina cuɗawar. A gwada cokalin shayi ɗaya na gishiri cikin lita 4 na ruwa da safe, a mayar da ruwa zalla da rana. Kada a wuce haka, gishiri da yawa na sa zawo, yana ma kisa. Abincin da aka niƙa ya zama gari ya fi na ƙwaya-ƙwaya a nan, don sun fi daɗewa suna ci. A rataye musu zogale ko ragowar kabejin kasuwa da aka wanke, daidai tsayin kansu, a watsa ɗan hatsi cikin busasshen ɓawon katako su yi ta tono.

Yanke baki kuwa rage ɓarna yake yi, ba ya cire dalili. An fi yin sa tun kaji na 'yan kwana 7 zuwa 10, kuma ba a wuce kashi ɗaya cikin uku na bakin. Ga manyan kaji masu ƙwai, a kira likitan dabbobi ya yi da sanyin safiya, a cika mazubi da abinci sosai na 'yan kwanaki don kada bakin ya riƙa bugun ƙasan mazubin.