Jika 318 ne ko 378? Kurakuran karanta lissafi daga hoto

Wani saurayi mai ƙaramin shago a Maradi ya sari kaya bashi wurin wani Alhaji a babbar kasuwa. Da magariba yaron Alhajin ya ɗauki hoton takardar lissafin ya aiko masa ta WhatsApp. Hoton ya yi dishi-dishi, inuwar hannu kuma ta faɗa daidai kan jimillar da ke ƙasa. Lambar farko 3 ce, ta ƙarshe 8, amma ta tsakiya ta ƙi fita. Idonsa ya ce masa 318.000. Hankalinsa bai kwanta ba.

Abin da akasarin mutane ke yi a nan shi ne su sa yatsu biyu su buɗa hoton. Ba ya maganin komai. WhatsApp na matse hoto kafin ya aika, abin da ya ɓace kuwa ya ɓace, buɗawa sai dai ta ƙara wa dishi-dishin girma. Ga kuma irin rubutun da muka koya a lakwal: ana yi wa 1 doguwar ƙafa a gaba, har ta yi kama da 7, sai ɗan layin da ake gittawa a cikin 7 ne ke raba su. In biro ya yi rowar tawada ko hoto ya girgiza, wannan layin ne ke fara ɓacewa. Tsakanin 318 da 378 kuwa jika sittin ne, ba kuɗin goro ba.

Saurayin ya bar jimillar, ya koma kan kayan da ke jibge a shagonsa, waɗanda zai iya taɓawa da hannu: shinkafa buhu 12 a kan 14.500, mai jarka 6 a kan 21.000, taliya katan 15 a kan 5.200. Kafin ya taɓa kalkuleta ya yi ƙiyasi da ka. Shinkafa ta haura jika 170, mai ya haura 120, ga 290 ke nan. Taliya ba za ta gaza 75 ba. Ashe 318 ba ta da wurin zama. Wannan ƙiyasin shi aka fi tsallakewa, alhali ko minti ɗaya ba ya ci.

Sai ya buga kowane layi da kansa, adadi sau farashi, ya samu 174.000, 126.000 da 78.000. Wannan ma wuri ne da ake zamewa. Wasu na tara kuɗin layukan kamar yadda suka gan su a hoton, sun manta cewa hoton da ya ɓata jimilla zai iya ɓata layi, kuma mai rubutun ma zai iya kuskuren ninkawa.

Da ya tara, sai kalkuleta ta ba shi 351.000, lamba ta uku da ba ta dace da ko ɗaya ba. Bai ɗauki waya ya fara faɗa ba, wanda shi ne kuskuren da ke ɓata tsakanin yaro da ubangida. Ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, 378.000 ta fito. Dalilin juya hanyar shi ne, yatsan da ya yi kuskure sau ɗaya yakan maimaita shi in aka bi tsari iri ɗaya. Bambancin tarawar biyu jika 27 ne, kuma 27 na rabuwa da 9 ba saura. Masu riƙe littafin kuɗi sun san wannan alamar: sau da yawa lambobi biyu ne suka yi musayar wuri. Haka kuwa aka yi, 147 ya buga a maimakon 174. Alama ce kawai, ba hujja ba, amma tana nuna inda za a fara dubawa.

Daga nan ne ya kira.

"Alhaji, barka da dare. Hoton bai fita sosai ba. Ni na samu jika ɗari uku da saba'in da takwas, haka yake a littafinku?"

"Haka yake, yarona."

A lura, "jika" ya ce a fili. A bakin kasuwa da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma ake rubuta ta. Mai cewa "dubu" yana nufin dala dubu, jika biyar yake nufi, mai kallon takarda kuma zai iya jin jika ɗaya. A waya, a ambaci jika ko dala tare da kowace lamba.

Ya kuma roƙi yaron Alhajin ya sake ɗaukar hoton da safe: takarda shimfiɗe a kan tebur, cikin hasken rana ba na tocila ba, waya a saitin takardar ba a karkace ba, a aiko ta wurin da aka rubuta Document don kar a matse shi. Nan gaba kuma, a riƙa rubuta jimilla da lambobi, a maimaita ta da kalmomi a ƙarƙashi, kamar yadda ake yi a cek na banki.