Kar ku yarda da gashin-bakin bokis fulot kai tsaye

'Yan uwa masu haɗa rahoto, bokis fulot zanen akwati ne mai nuna yadda lambobi suka bazu, gashin-bakinsa kuma su ne layukan da ke fita daga akwatin sama da ƙasa. Kar ku ɗauka ƙarshen gashin-bakin shi ne lamba mafi girma. Ku fara duba ɗigon da ke gaba da shi.

Misali, a ce kuɗin tiyar gero ne daga 'yan kasuwa 11 a kasuwar Dole: 600, 650, 650, 700, 700, 750, 750, 800, 850, 900, 1400 sefa.

Layin cikin akwati shi ne madiyan, wato lambar tsakiya: 750. Gefen ƙasa, Q1, 650 ne. Na sama, Q3, 850. Kusan rabin farashin na cikin akwatin nan mai faɗin 200.

Ku ninka 200 da 1.5, ku samu 300. Ku ɗora a kan 850: iyaka 1150 ke nan. Amma gashin-bakin ba ya kaiwa 1150, a 900 yake tsayawa, lamba ta ƙarshe da ba ta tsallake iyaka ba. Nan mutane ke ruɗewa. Ita 1400 sai ta fito ɗigo ita kaɗai.

Kar ku yi garajen share ɗigon. Ku koma takarda tukuna: ko hannu ne ya kuskure, ko kuwa da gaske haka ɗan kasuwar ya sayar.

Sai dai wasu manhajoji na jan gashin-bakin har lamba mafi girma, babu ɗigo sam. Ku karanta bayanin ƙarƙashin zanen. In kuwa lambobin biyar ne ko shida, ku bar akwatin, ku jera su kawai.