Kurakuran da aka fi yi wajen duba takardar tazkiyya kafin a miƙa ta

Duk ɗalibin da ya nemi gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina, ko Ummul Ƙura a Makka, ko ya gama digirin farko yana neman majistir, ya san akwai lokacin da za a ce masa ya kawo tazkiyya, wato takardar shaida da malami ko wata hukuma ke rubutawa a kan ɗalibi. Yawancin yaranmu da ke nan Saudiyya idan takardar ta shigo hannunsu abu uku suke dubawa: hatimi, sa hannu, da kuma ko an rubuta sunansu daidai da na fasfo. Waɗannan duk suna da kyau a duba. Sai dai abin da takardar ta faɗa a kan mutum, wanda shi ne dalilin neman ta tun farko, ba kasafai ake tsayawa a karanta shi da idon wanda za a kai wa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna ƙarfin takarda da yawan yabon da ke cikinta. Ga irin wadda wani ƙanenmu ya kawo mini a Madina. Ya yi karatun hadisi a Khartum, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa su bayan ya kammala, yanzu yana neman majistir. Malaminsa, Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, ya aiko masa da takarda cikin Larabci mai daɗi. Idan aka mayar da ita Hausa, abin da ta ce shi ne: wane ɗalibina ne, mai kyawun hali da ɗabi'a, mai ƙwazo, mai son ilimi, mai girmama malamansa, mai kiyaye salla cikin jam'i, ina roƙon a taimaka masa, Allah ya saka da alheri. Yaron yana murna, yana cewa, "Yaya, ka ga yadda Malam ya yabe ni?"

Na sa yatsa na rufe sunansa, na ce ya sake karantawa, ya gaya mini mutum nawa ne a ajinsu wannan takarda za ta dace da su. Ya yi shiru, sannan ya ce kusan kowa. Wannan shi ne gwajin farko, kuma ba ya cin minti guda. Takardar da za a iya cire sunanka a sa na abokinka ba tare da an canza kalma ɗaya ba, ba ta gaya wa kwamiti komai a kanka ba. Masu zaɓe suna da tarin takardu a gabansu, kowace da "hasanus sira was suluk", wato mai kyawun hali da ɗabi'a, a cikinta. Ba sa ƙaryata ta, amma ba ta raba musu wane da wane.

Gyaran shi ne a ɗauki biro a ja layi ƙarƙashin kowace kalmar yabo, a yi mata tambaya uku: yaushe, a ina, me mai rubutun ya gani da idonsa? Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar yana wanke wani mutum, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya amsa da a'a, Umar ya ce masa bai san shi ba. Kwamitin jami'a ma hakan yake tambaya a zuci, sai dai shi maƙwabtakar da yake nufi ita ce aji, tafiyar kuma ita ce aikin bincike.

Da muka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "mai ƙwazo" ce ta fara ba da amsa. Na tambaye shi me Malam ya koyar da shi. Ya ce Musɗalahul Hadis a shekara ta biyu, Takhriji a ta uku, kuma shi ne ya duba masa bahasin kammalawa, inda ya yi takhrijin hadisai 30 daga babin tsarki, wato ya bi diddiginsu zuwa littattafan da suka ruwaito su. Ko ɗaya daga cikin wannan babu a takardar. Na ce to a cikin bahasin akwai ranar da Malam ya kama ka da kuskure? Nan ya ɗan sunkuyar da kai. Ya ce a wani isnadi an ambaci Hammad ba tare da sunan uba ba, shi kuma ya rubuta cewa Hammad bin Zaid ne. Malam ya zagaye wurin da jan biro, ya rubuta "daga ina?" kawai. Yaron ya koma ɗakin karatu, ya gano cewa mai ruwayar Musa bin Isma'il ne, wanda idan ya ce Hammad ya yi shiru to Hammad bin Salama yake nufi, saɓanin Sulaiman bin Harb da ke nufin bin Zaid. Bai tsaya nan ba, ya sake bin sauran hadisan duka don kada irin wannan ya maimaitu, ya dawo wa Malam bayan mako guda da gyara.

Shi abin kunya yake ganinsa, amma wannan labarin ya fi duk sifofin takardar nauyi. Malamin hadisin da ke zaune a kwamiti idan ya karanta shi zai fahimci abubuwa da dama a take: yaron ya san littattafan maruwaita, yana karɓar gyara, kuma idan an nuna masa ɓaraka ɗaya yana neman 'yan uwanta da kansa. A nan ne ake yin wani kuskuren, wato share duk abin da ya yi kama da aibi. Masu duba takarda sukan ce a cire, kada a ga gazawa. Ni ina ganin kuskuren da aka gyara, idan malami ne ya ba da labarinsa, yana sa a yarda da sauran takardar, don ya nuna mai rubutun ya zauna da aikin ɗalibin da gaske. Abin da ya kamata a guje wa shi ne aibin da aka ambata aka bar shi a buɗe.

Akwai kuma masu ɗaukar maki a matsayin hujja. Sai ka ga an ƙara layi cewa ya fita da mumtaz ko jayyid jiddan, a ce an gyara takarda. Wannan yana cikin takardar sakamako, kwamiti ya riga ya gani. Abin da malami kaɗai zai iya ƙarawa shi ne matsayin ɗalibi a cikin waɗanda ya koyar: a aji mai mutum 45 yana cikin biyar na sama, ko a cikin waɗanda ya duba wa bahasi a wannan shekara nasa ne ya fi tsafta. Kwatanci yana da amfani idan an faɗi da su wa ake kwatantawa. "Yana cikin fitattu" ba tare da an ce a cikin su wa ba, ta koma sahun sauran yabo.

Sai batun wa ya sa hannu. Yaranmu sukan yi ta faɗi-tashi don samun sa hannun babban shehi ko limamin da sunansa ya yi nisa, alhali sau ɗaya suka taɓa gaisawa. Idan jami'a ta sharɗanta cewa tazkiyya ta fito daga wata hukuma ko sanannen malami, sai a cika sharaɗin, babu gardama. Amma idan an ba da damar kawo biyu, ta biyun ta zama daga wanda ya taɓa riƙe rubutunka. Mai duba takarda ya nemi layi guda tun a sakin layi na farko: na san shi daga shekara kaza zuwa kaza, a matsayin kaza. In babu wannan layin, duk abin da ya biyo baya ba shi da madogara.

Hujjar kuma dole ta dace da abin da ake nema. Kiyaye salla da ladabi gaskiya ne, kuma jami'o'in addini suna so a ambata, layi ɗaya ya wadatar. Mai neman majistir ana son a ji yadda yake bincike da rubutu. Mai neman aikin koyarwa a makarantar haddar Alƙur'ani a Jidda ana son a ji ko ya taɓa riƙe halƙa, yara nawa, kuma ya yi da yaron da ya kasa. Takarda ɗaya ba ta yin aikin biyun.

Yanzu ga inda abin ya fi haɗari. Idan mai dubawa ya gano takarda fanko ce, hannunsa yakan yi ƙaiƙayin cika ta da kansa. Ya ƙaga lamba, ya ce na uku a aji, ya ƙara cewa yaron yana koyar da na ƙasa da shi, tunda ai yana iya yiwuwa. Wannan shaidar zur ce ko da an lulluɓe ta da kyakkyawar niyya, kuma tana iya tonuwa cikin sauƙi, domin a zaman muƙabala ana iya ɗauko takardar a ce wa ɗalibi ya yi bayanin abin da aka rubuta. Haka nan taɓa kalma ɗaya bayan an sa hannu, ko ƙara wa fassara gishiri idan za a mayar da ita Turanci. Aikin mai dubawa ya tsaya a nuna gurbi. Cikawa ta mai sa hannu ce, da abin da shi ya tuna.

To yaya ɗalibi zai koma wa malaminsa ba tare da ya zama kamar ya raina alherin da aka yi masa ba? Wannan ne ke hana da yawa motsi, kuma kunyar tana da hujja. Abin da muka yi shi ne rubuta takardar tuni mai shafi ɗaya: darussan biyu da shekarunsu, taken bahasin, labarin Hammad a layi huɗu, sunan sashen da ake nema da ranar rufewa. Muka haɗa da hoton shafin da jan biron Malam yake kai, wanda Allah ya sa yana cikin wayarsa. Sannan ya aika saƙon murya: "Allah ya gafarta Malam, na gode da takarda, Allah ya ƙara girma. Sashen da nake nema sun fi son jin aikin da aka yi a gaban Malam. Na turo ɗan tuni, in akwai abin da Malam ya tuna a ciki kuma ya ga ya dace, a taimaka a ƙara. Wanda bai tuna ba a bar shi." Jimlar ƙarshen nan ita ce ke ba malami damar ƙin abin da bai shaida ba, ba tare da an ji nauyin juna ba. A kuma ba shi lokaci, mako biyu ko uku, musamman malaman Sudan da yawansu ke gudun hijira, takardunsu na can inda suka baro.

Malam ya dawo da sabuwa. Ya rubuta shekarun da ya koyar da shi, ya kawo labarin isnadin da kalmominsa, ya ce bahasin yana cikin mafi kyau da ya duba a wannan zangon. Matsayin aji bai sa ba, ya ce rajistar maki ba ta hannunsa kuma ba zai faɗi lambar da bai tabbatar ba. Muka bar ta haka, muka duba suna da kwanan wata da lambar da za a iya samun Malam idan kwamiti na son tabbatarwa, yaron ya ɗora ta tare da sauran takardunsa.